Rancen ƙungiya: me ke sa ake biya alhali ba a ajiye jingina ba?

Dan_Fagge: Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Babban banki ba zai ba ka rance ba sai ka kawo takardar gida ko ta fili, amma duk da haka kullum kukansu shi ne an ƙi biya. Su kuwa ƙananan bankunan nan masu ba mata rance rukuni-rukuni, ko tsinke ba sa karɓa a matsayin jingina, kuma sai ka ji ana cewa kusan duka kuɗin na dawowa. To me ke sa a biya? Wadda ba ta ajiye komai ba, in ta ƙi biya me za a ƙwace mata?

Abban_Khalil: Wa alaikumus salam. Amsar ai gajeriya ce, mata sun fi mu riƙon amana. Ka ba maza biyar ka gani.

Maman_Ilham: Mun gode da yabo Abban Khalil, amma ni da nake cikin irin wannan ƙungiya, ban ga amana ta fi yawa a cikinmu ba. Kunya ce ta fi yawa. Ranar zubi duk muna zaune a zaure ɗaya, ma'aikaciyar banki na kiran suna. In aka kira naki ba ki da kuɗi, ba mai tashi sai kuɗin ya cika. Kafin la'asar duk layinku sun ji.

Tsohon_Akawu: Dan Fagge, tambayarka ta yi kyau, amma akwai gyara a cikinta. Akwai jingina, ba dai irin wadda ake kai wa kotu ba ce.

Mu koma inda tsarin ya yi suna. Muhammad Yunus, lokacin yana malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong ta Bangladesh, ya fara a ƙauyen Jobra a 1976 da kuɗin da bai wuce dala 27 ba, ya raba wa mutum 42. Abin ya zama bankin Grameen a 1983. Yadda suka tsara shi a farko shi ne mutum biyar su haɗa kansu da kansu, ba 'yan gida ɗaya ba. Rukunai kamar takwas kuma su riƙa haɗuwa wuri ɗaya duk mako a gaban ma'aikacin banki. Ba a ba su kuɗin lokaci guda. Biyu ake fara ba, in an ga suna biya na wasu makonni a ba biyu na gaba, shugabar rukuni ita ce ta ƙarshe. In ɗaya ta ƙi biya, an rufe wa sauran ƙofar sabon rance.

Abu mafi muhimmanci a nan ya faru tun kafin a ƙirga ko sisi, wato zaɓen abokan tafiya. Ma'aikacin banki baƙo ne. Bai san wadda mijinta ke ƙwace mata jari ba, bai san wadda ake bin ta bashi a gida uku ba, bai san wadda sana'arta ta baki ce kawai ba. Maƙwabta sun sani sarai. Tunda an ce musu laifin ɗaya zai shafi kowa, da kansu za su ƙi ɗaukar wadda ba su yarda da ita ba. Binciken da banki zai kashe kuɗi mai yawa ya yi, kuma bai yi daidai ba, an yi masa shi kyauta.

Hajiya_Mai_Atamfa: Wannan gaskiya ne Malam. Mu da muka haɗa tamu, har ƙanwar mijina ta nemi shiga na ce mata mun cika. Ba mu cika ba. Na san halinta a adashi, in ta kwasa sai a yi ta aike kafin ta yi zubi.

sadiq_dtm: Don Allah ina ake cike fom ɗin? Ina son na fara kiwon kaji.

Dan_Fagge: Sadiq ba rabon rance ake yi a nan ba, hira ce kawai muke yi kan yadda abin yake aiki.

Malam Akawu, na gane batun zaɓe. Amma bayan kuɗi ya shiga hannu fa? Mutumin kirki ma in ya ga kuɗi yana iya canzawa.

Tsohon_Akawu: A nan ne rance na gaba ke aiki. Na farko ƙarami ake bayarwa da gangan. In kin gama lafiya a ƙara miki, in kin sake gamawa a sake ƙarawa. Macen da ba ta da wata ƙofa sai ta mai ba da bashi da ruwa mai tsanani, wannan layin da ta samu dukiya ne a wurinta. In ta gudu da ƙaramin kuɗin yau ta yi asarar manyan da ke gaba. Wannan ita ce jinginar da na ce akwai.

Bari in sa lissafi, misali ne kawai ba na wani banki ba. Mata biyar, kowacce ta karɓi naira 100,000, za ta mayar da 120,000 cikin mako 24, wato 5,000 duk mako. An yi musu alkawarin in sun gama za a ba kowacce 150,000. A mako na 12 ɗaya ta kwanta rashin lafiya, saura 60,000 a kanta. Sauran huɗun in suka raba, 15,000 ke faɗa wa kowacce, wato ƙarin 1,250 a kan zubinta na mako. Da zafi, amma ana iya ɗauka, kuma ya fi a rasa rancen gaba. Sai su biya, daga baya su bi 'yar'uwarsu a hankali ta mayar musu in ta warke. A littafin banki ba a ga komai ba, an biya ɗari bisa ɗari.

Yanzu a ce uku ne suka kasa a wannan makon. Saura 180,000 a kansu, biyun da suka rage kowacce za ta ɗauki 90,000, ga nata 60,000. Ya zama za ta fitar da 150,000 don ta samu damar karɓar rancen 150,000 wanda shi ma sai ta biya shi da ruwa. Wace mai hankali za ta yi haka? Sai ita ma ta riƙe nata 60,000 ɗin, tunda ko ta biya an riga an rufe mata ƙofa. Kun ga ƙa'idar da ta sa aka biya a labari na farko, ita ce ta sa mai iya biya ma ta ƙi a na biyu.

Ummu_Sultan: Subhanallah, wallahi haka ta faru a unguwarmu lokacin da gobara ta ci wani layi a kasuwa. Kusan duk 'yan ƙungiyar a layin suke. Wadda shagonta bai ƙone ba ma ta daina zuwa taro.

Manomi_Na_Fadama: Shi ya sa ni ban yarda da wannan abu a harkar noma ba. An haɗa mu rukuni a wani shirin rancen noma, aka ce kowa ya tsaya wa kowa. Ruwa ya zo ya cinye shinkafar fadamar gaba ɗaya. Wa zai tsaya wa wa? Duk a ruwa ɗaya muke. Ban da haka ma wasu da ke cikin rukuninmu ban taɓa ganinsu ba, sunaye aka haɗa a takarda. Yawancin mutane kuma sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati, ba wanda ya sa ran za a sake ba shi in ya biya.

Tsohon_Akawu: Manomi, ka lissafo ƙafafu uku da suka karye a lokaci guda. Ba ku kuka zaɓi juna ba, ba rance na gaba da ake kwaɗayi, kuma masifa ɗaya ta same ku tare. Wannan sunan rukuni kawai ya ara.

Malam_Sani_Zariya: Ni fa kafin a yi nisa, duk wannan ba riba ba ce? An ba da 100,000 an karɓi 120,000. Ko an biya ɗari bisa ɗari ai ba alheri a ciki.

Abban_Khalil: Malam ya zo da babbar magana.

Nana_Aisha_ABU: Malam Sani, maganarka tana kan hanya, kuma ita ce ke hana mata da yawa a nan shiga. Amma dubarar biyan ba ta rataya a kan kuɗin ruwa ba. A Pakistan akwai Akhuwat, wadda Dokta Amjad Saqib ya kafa a 2001, rance take bayarwa ba ruwa, kuma a masallatai ake raba shi a gaban jama'a. Bankin Musulunci na Bangladesh ma yana da shirin karkara da ke amfani da rukunai, sai dai maimakon kuɗi a hannu, kaya yake saya ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya kaɗan-kaɗan. Hukuncin dai na bar wa malamai, amma tambayar Dan Fagge tana nan ko da ruwa ko babu.

Malam_Sani_Zariya: To in haka ne da sauƙi. Allah Ya sa masu yi a nan su koma irin wannan.

Bintou_Maradi: Ku 'yan Najeriya kuna ta zuwa Bangladesh, ga abu nan kusa da ku. Nan jihar Maradi aka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama. Mu ba banki a ciki. Mata ke zuba kuɗinsu duk mako cikin asusu na ƙarfe, makullai na hannun mata daban-daban, ba a buɗewa sai gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari, in zagaye ya cika a raba duka. Wadda ta ƙi biya ba kuɗin wani baƙo ta ci ba, jikkunan maƙwabciyarta ta ci, wadda za su haɗu wajen suna da biki. Inda na ga ana samun matsala shi ne in wani ya zo daga waje ya zuba ma asusun kuɗi mai yawa. Nan take sai a fara cewa ai na masu aikin agaji ne.

Maman_Ilham: Anti Bintou kin faɗi gaskiya, kuɗin da aka san mai shi ya fi wuyar ci.

Nana_Aisha_ABU: Ina so in ɗan ja da Baba Akawu kan wani abu. Kowa na ɗauka cewa ɗaukar bashin juna shi ne sirrin, amma an gwada an gani. Masu bincike biyu, Xavier Giné da Dean Karlan, sun yi aiki da wani banki a Filifin mai suna Green Bank. Aka zaɓi wasu cibiyoyinsa ta hanyar ƙuri'a aka ce musu daga yau kowa bashinsa a kansa, ba mai biya wa wani. Taron mako dai aka bar shi yadda yake. Sauran cibiyoyin aka bar su a tsohon tsari. Bayan shekara uku ba a ga rashin biya ya ƙaru ba a waɗanda aka sake, kuma sun fi jawo sababbin mutane. Ita kanta Grameen bayan ambaliyar 1998 da ta mamaye kusan kashi biyu cikin uku na Bangladesh, ta sake tsarinta a farkon shekarun 2000, ta kawo hanyar da wanda ya shiga matsala zai sake tsara biyansa a tsawaita masa. ASA, wata babbar mai ba da rance a can, tana tara mutane rukuni amma ba ta ɗora wa kowa bashin wani, kuma ana biyanta. Don haka ni a ganina taron da rancen gaba su ne ke aikin.

Tsohon_Akawu: 'Yata, ban musa binciken ba, na san shi. Amma ki lura, waɗanda aka sake ɗin a ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida aka zaɓe su. An riga an tace, sannan aka cire matacin.

Nana_Aisha_ABU: Sun yi tunanin haka Baba, shi ya sa suka sake gwadawa a sababbin ƙauyuka inda tun farko ba a sa ƙa'idar ba. Nan ma ba a ga bambanci a biya ba.

Tsohon_Akawu: Haka ne, amma a wannan zagayen ma'aikatan bankin sun yi ta jan ƙafa wajen buɗe rukunai inda ba ɗaukar bashin juna. Wato tacewar ta koma hannunsu, suka buɗe inda suka natsu kawai. Kuma abin da ke rubuce daban, abin da ake yi a zaure daban. Maman Ilham ta ce ba mai tashi sai kuɗi ya cika. Ko takarda ta ce ba ruwanki da bashin wata, in an zaunar da ke har azahar ga girki na jira, za ki buɗe bakin zani ki cika.

Nana_Aisha_ABU: Wannan na ƙarshen na yarda. Na farkon dai ban gamsu ba.

Dan_Fagge: Ku ci gaba, muna ƙaruwa. Amma me ya sa sai mako-mako? Ba takura ba ce? Wanda ya sayi akuya ai ba ta haihu a mako guda ba.

Hajiya_Mai_Atamfa: Takura ce, amma ni ta taimake ni. Kuɗi in ya kwana a ɗaki yana da masu shi: ga ankon biki, ga yaro ba lafiya, ga maigida ya ce ranta min zuwa jibi. 5,000 a mako ina iya fitarwa daga cinikin ranar kasuwa. In aka ce in tara 20,000 a wata, wallahi sai ranar ta zo in ga saura 12,000. Kuma in mace ta fara tangarɗa, a mako na farko ake ganewa, tun abin bai yi nisa ba.

Tsohon_Akawu: Tambayar akuyar nan tana da nauyi fiye da yadda ka yi ta. Tunda biya na farawa kusan nan take, ba daga ribar abin da aka saya ake biyan makonnin farko ba, daga wani kuɗin da gidan ke samu ne. Ashe bankin ya zaɓi gidan da dama akwai abin da ke shigowa. Wasu ma ware wani kaso suke yi daga rancen su riƙa mayarwa da shi. Shi ya sa tsarin ya dace da mai ƙosai da mai sayar da atamfa, bai dace da mai shuka ya jira wata huɗu ba. An gwada a Kolkata ta Indiya, aka ba wasu hutun wata biyu kafin su fara biya. Sana'o'insu sun fi kawo riba daga baya, amma waɗanda suka kasa biya ma sun fi yawa a cikinsu. Banki ya zaɓi tabbacin kuɗinsa a kan girman sana'arki.

Ummu_Sultan: Ni abin da ba a faɗa shi ne yadda ake biyan. Na san wadda ta sayar da kwanukan ɗakinta, na san wadda 'yan rukuninsu suka je suka ɗauke mata keken ɗinki. Wata kuma tana cikin ƙungiya uku, ta karɓa a nan ta zuba a can. A takarda duk sun biya.

Abban_Khalil: Ashe jinginar na nan, maƙwabta ne ke zuwa ɗauka maimakon kotu.

Nana_Aisha_ABU: Abin da Anti Ummu Sultan ta faɗa na ƙarshe shi ya rusa harkar irin wannan rance a jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Masu ba da rance sun yi yawa a ƙauyuka ɗaya, mace ɗaya na bin layi a wurare da dama. Da zarar akwai wata ƙofa, barazanar rufe miki wannan ta rage kaifi, bashi kuma na ta taruwa. Aka fara samun rahotannin matsin lamba wajen karɓa da na mutanen da suka kashe kansu. A watan Oktoba na 2010 gwamnatin jihar ta fitar da doka ta takura yadda ake karɓar kuɗin, 'yan siyasa suka riƙa ce wa mutane kada su biya. Biyan da yake sama da kashi 95 ya faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 'yan watanni. Mutanen ba su canza hali a dare ɗaya ba. Sun ga kamfanonin ba za su sake ba da rance ba, kuma kowa ya daina biya, to kunyar wa za a ji?

Dan_Fagge: To ta yaya mutum zai gane rukuni ya fara lalacewa tun kafin ya fashe?

Maman_Ilham: Daga zuwa taro ake ganewa. In mata suka fara aiko yara da kuɗi maimakon su zo da kansu, akwai magana. Sai kuma ka ga kullum mutum ɗaya ko biyu ke cika wa saura. Mafi muni shi ne in shugaba ce ta tattaro sunayen mata, suka karɓa suka miƙa mata ta ba su ɗan goro. Rance biyar a takarda, amma mutum ɗaya ke juya shi. Ranar da ta faɗi, duka sun faɗi.

Tsohon_Akawu: Ƙari a kan na Maman Ilham, ku riƙa tambaya in an ce muku ana biyan kashi 98. Yana da kyau a ji, amma lissafa. In rancen na wata shida ne, kuɗin na fita sau biyu a shekara, kowane zagaye ana rasa 2 cikin 100 na abin da aka fitar, ya zama 4. Tunda kuma ana biya kaɗan-kaɗan, abin da ke hannun mutane a kowane lokaci kusan rabin abin da aka fitar ne. Asarar ta kai kusan kashi 8 na kuɗin da ke waje a shekara. Sannan in ana ba wanda ya makara sabon rance ya rufe tsoho, adadin zai yi ta sheƙi alhali rami na ƙara zurfi.

Manomi_Na_Fadama: Har yanzu dai ba wanda ya gaya min yadda mu manoma za mu yi.

Bintou_Maradi: Malam Manomi, mu nan mukan haɗa masu sana'a daban-daban a asusu guda, mai ƙuli-ƙuli da mai kiwo da mai gona, don kada abu ɗaya ya kwantar da kowa. Amma shekarar fari ba ta barin kowa, in manomi bai samu ba mai ƙuli-ƙuli ma ba ta ciniki.

Nana_Aisha_ABU: Kuma haɗa sana'o'i daban yana rage sanin juna da Baba Akawu ya ce shi ne tushe. Manomin shinkafa ne ya san ko ɗan'uwansa ya sa takin a gona ko ya kai kasuwa, mai atamfa ba za ta sani ba.

sadiq_dtm: Ni dai in mun haɗu mu biyar masu kaji za a ba mu?

Hajiya_Mai_Atamfa: Sadiq, ku biyar duk kaji? In cutar kaji ta shigo unguwarku wa zai cika wa wani? Koma sama ka karanta lissafin Malam Akawu na mutum uku. Kuma ka tambaya tun farko yaushe ake fara zubi, don kajin gidan gona sai sun yi kamar mako shida kafin ka sayar da ko ɗaya.